Abin da za ka rubuta a takardar buɗe sabon shagon aski

Tambaya: Salamu alaikum. Zan buɗe shagon aski a unguwarmu a Dorayi, Kano, kujera biyu, ni da yarona ɗaya. Ina so in buga takardar talla in raba. Ga abin da na rubuta: "Albishirinku jama'a! Ana gayyatar kowa da kowa bikin buɗe katafaren shagon aski na zamani. Ƙwararrun ma'aikata, kayan aiki na waje. Aski kyauta ranar buɗewa. Sai kun zo!" Ya yi, ko da gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, ya kawo kasuwa. Da gyara ƙanena, kuma gara a yi shi yanzu tun takardar ba ta shiga inji ba. Sana'ata ɗab'i ce, irin waɗannan takardu kullum suna bi ta hannuna, kuma mafi yawansu da irin kalmominka suke zuwa.

Ka fara da tunanin wanda zai karɓi takardar. Magidanci ne yana dawowa daga masallaci, ko saurayi a teburin mai shayi. Yana da mai askinsa tun tuni, wanda ya san kansa, ya san inda ƙeyarsa take da ƙurji, wani lokaci har bashi yake yi masa. Ba jiranka yake yi ba. Zai kalli takardar na ɗan lokaci kaɗan, ya ga ko akwai abin da ya shafe shi, in babu ya yar. Abin da yake so ya sani bai wuce huɗu ba: ina ne wurin, yaushe, nawa ne, kuma me zai sa ya bar wanda ya saba da shi ko da sau ɗaya. Duba rubutunka da kyau. Babu kwatance, babu rana, babu farashi. Na huɗun kawai ka taɓa da kalmar kyauta, ita kuwa tana da matsalar da ta fi rashin sauran ukun, zan zo kanta.

Katafare, na zamani, ƙwararru, kayan waje: duk ka cire su. Kowane shago haka yake cewa, har ido ya saba tsallake su. Ban da haka, maƙwabcinka yana wucewa ta ƙofar shagon nan kullum, ya ga lokacin da ake fenti, ya san faɗinsa bai wuce ɗaki ɗaya ba. Idan ka kira shi katafare, ka koya masa tun daga layin farko cewa maganarka tana da ƙari a ciki, sauran abin da ka rubuta ma sai ya rage masa daraja. Talla ga baƙo tana iya ɗaukar kuri, amma wanda kuke sallah sahu ɗaya da shi gaskiyar da zai iya gani da idonsa ita ce take jawo shi.

Layin da ya fi kowane girma a takardar ya ƙunshi abu biyu, sana'ar da sunan wurin. "Sabon shagon aski a Layin Masallacin Juma'a" ya fi "Albishirinku jama'a" nesa ba kusa ba, domin mutum da ya ga sunan layinsu a rubuce sai ya tsaya, ko ba ya bukatar aski ranar. Sunan unguwa gaba ɗaya ya yi faɗi. Dorayi babba ce, wanda yake can wani gefe ba zai tako ya wuce shaguna biyar don ya zo wurinka ba. Mai aski da masu tafiyar ƙafa yake ci, waɗanda ke tsakanin tafiyar minti biyar zuwa goma daga ƙofarsa. Da sunan da mutanen wannan da'irar suke kiran wurin za ka rubuta, ko da ba shi ne a takardar gwamnati ba. Idan kowa Layin Mai Markaɗe yake cewa, kai ma haka za ka ce.

Yanzu batun kyauta, inda nake so ka zauna ka yi lissafi da biro. Kujera biyu gare ka. Aski mai kyau, da gyaran fuska da kakkaɓewa da share kilifa, ba ya kasa minti 20. Kenan kowace kujera kai uku a awa, ku biyu kai shida. Ko ka buɗe tun takwas na safe ka kai goma na dare, in ka cire lokutan sallah da cin abinci da ɗan miƙe baya, aikin da za ku yi bai fi na awa 10 ba. Kai 60 kenan, kuma na ƙarshe-ƙarshen hannu ya riga ya gaji. To ka raba takarda ɗaruruwa ka ce kyauta ga kowa. Waɗanda za su fara isowa yara ne da samari marasa abin yi da safe, har da na wasu unguwanni da labari ya kai musu. Kafin hantsi benci ya cika, ƙofa ta cika. Magidancin da kake nema, mai yara huɗu da zai riƙa kawo maka su duk bayan mako biyu, zai leƙo ya ga cincirindo ya juya, kuma abin da zai tafi da shi a ransa shi ne wurin nan hayaniya gare shi. Ku kuma don ku rage layi sai ku riƙa sauri, askin da ya fi kowane muni a tarihin shagon sai ya zama na ranar farko, ranar da kowa yake kallo. Da daddare ka ƙirga, ka ƙona man janareta, ka ƙarar da reza, ko sisi bai shigo ba, waɗanda ba su samu shiga ba kuma suna cewa ka yaudare su.

Akwai wata illar da ba a cika lura da ita ba. Dattijo mai mutunci ba ya son a gan shi a layin kyauta. Kalmar kanta tana korar rukunin mutanen da suka fi biya a kan lokaci.

Abin da nake ba masu shagon aski shawara shi ne rangwamen da sai an biya wani abu ake samunsa, a shimfiɗa shi cikin kwanaki, kuma a ɗaure shi da takardar. Misali, uba ya yi aski ya biya, a yi wa ɗansa ɗaya kyauta, ga duk wanda ya zo da takardar, daga Asabar zuwa Alhamis. Mu ƙaddara askin babba naira 700 ne a wurinka, na yaro 400, kai dai ka sa farashinka na gaskiya. Mu ƙaddara kuma takarda 80 suka dawo. Ka yafe 32,000, amma 56,000 ta shigo aljihu, kuma kai 160 ɗin sun rabu a kwana shida, wajen 27 a rana, abin da kujera biyu za su ɗauka cikin natsuwa. Kwatanta da kyautar yini ɗaya, inda kai 60 a kan 700 ka yafe 42,000 ba ka karɓi komai ba. Ribar da ta fi kuɗin ma ita ce uban ya zauna a kujerarka, ya ji hannunka, ya ga yadda ka lallaba ɗansa da yake kuka. Shi ne mai yanke shawarar inda yaran gidan za su riƙa aski.

Na tsayar da shi ranar Alhamis da gangan. Safiyar Juma'a shagon aski da kansa yake cika, ba ka bukatar ka sayi mutane da rangwame a ranar. Haka nan idan buɗewarka ta faɗo kusa da sallah, kada ka sa rangwame a jajibere. Ka buɗe mako biyu ko uku kafin nan, mutane su gwada ka, ranar cunkoso su zo da cikakken kuɗinsu.

Ga yadda zan rubuta maka ita. Ka canza suna, kwatance, rana da kuɗi zuwa naka:

SABON SHAGON ASKI A LAYIN MASALLACIN JUMA'A

Shagon Askin Wane, ɗan gidan Malam Wane

Za mu buɗe ranar Asabar, 14 ga Nuwamba, da ƙarfe 9 na safe

Shago na uku bayan injin markaɗe in ka fito daga masallaci, daura da kyamis, mai koriyar ƙofa

Babba ₦700. Yaro ₦400. Gyaran fuska kaɗai ₦300

Makon buɗewa, Asabar zuwa Alhamis: uba ya yi aski, a yi wa ɗansa ɗaya kyauta. Wanda ya zo shi kaɗai, ragin ₦200. A zo da wannan takarda

Sabuwar reza ga kowane mutum, a gabanka za a buɗe ta

Ko da wuta ko babu, muna aski. Kullum 8 na safe zuwa 10 na dare, muna rufewa lokacin sallah

Maƙwabta, muna gayyatarku ku zo ku sa mana albarka

(lambar waya)

Ka ga duka ba ta wuce kalma ɗari da ashirin ba, kuma kowane layi yana da aikin da yake yi. Bari in bi waɗanda suke bukatar bayani.

Layi na biyu, inda na sa sunan gidanku, shi ne abin da babban shago na bakin titi ba zai iya rubutawa ba. Idan a unguwar ka tashi, ka faɗi ɗan gidan wa ne kai, bayan ka nemi izinin mahaifinka ko wanda za ka ambata. Mutum yana miƙa wuyansa ga mai riƙe da reza, yana kuma tura ɗansa ɗan shekara shida shi kaɗai da kuɗi a hannu. Sanin asalinka ya fi masa kowace kalmar yabo. In kuwa baƙo ne kai a unguwar, sai ka sa inda ka koyi aiki ko inda ka yi shekaru kana yi, da yardar maigidan naka, domin wani zai ce ai na san wurin. Kada dai ka rubuta abin da zai zama suka ga mai askin da ka tarar a layin, irin su "an daina askin gargajiya" ko "ku huta da ɓata kai". Yana da 'yan uwa da abokai a cikin waɗanda za su karanta, kuma gobe kilifarka za ta lalace ka bukaci aro.

Kwatance shi ne inda takardu suka fi faɗuwa. Lambar shago ba ta da amfani a yawancin layukanmu, ba wanda ya san ta. Kwatance mai kyau yana farawa daga wurin da kowa ya sani kuma ba ya motsi, kamar masallaci, makarantar firamare, gidan mai, ko taransifoma. Sannan ya faɗi ta ina aka taho, domin "bayan injin markaɗe" ga wanda ya fito daga masallaci gaba ne ga wanda ya taho daga titi. Sannan ya ƙare da alamar da ido zai kama, kamar launin ƙofa. Kada ka kafa kwatance da mai shayi ko mai lemo, yau suna nan gobe sun koma wani lungu, da rana ma teburin a kife yake. Kafin a buga, ka ba wani da bai san shagon ba takardar, ka tsaya a bakin masallacin ka ce ya je ya nemo. In ya tsaya yana tambaya, kwatancen bai nuna ba tukuna.

A rana, ka haɗa sunan ranar da kwanan wata da sunan watan. Mutane da Asabar suke riƙewa, ba da 14 ba, amma takardar tana iya kwana goma a aljihu, in ba kwanan wata wani zai zo Asabar ɗin da ba ita ba. Ka buɗe kalanda ka tabbatar ranar da kwanan sun dace, wannan kuskure ne da yake yawan fita daga maɗaba'a ba wanda ya gani. Idan za ka yi 'yar walima da addu'a, lokacin sallah ya fi agogo zama a kai: "addu'ar buɗewa bayan sallar La'asar" kowa ya gane. Amma dattawan da kake so su zo addu'ar, da baki ake gayyatarsu, takarda ba ta isa ba.

Farashi kuwa, masu shago da yawa suna tsoron rubuta shi, wai kada su kori mutane ko kada abokin hamayya ya gani. Abokin hamayyar zai sani ranar farko ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. Shi kuwa maƙwabci, sabon shago mai sabon fenti da manyan madubai yana sa shi zargin tsada, kuma kunya ba za ta bar shi ya shigo ya tambaya ya fita ba. Rubutaccen farashi yana cire masa wannan nauyin tun yana gida. Uku sun isa. Sauran, irin su rini da wankin kai, a manna su a bango cikin shago. Dole ne kuma cikakken farashin ya fito kusa da rangwamen, don ranar da makon ya ƙare kada wani ya ce ka ƙara kuɗi.

Layin reza ina so ka ɗauke shi da muhimmanci, domin shi ne amsar tambaya ta huɗu ga iyaye. Ciwon hanta nau'in B yana bin jini, kuma ƙwayar cutar tana iya rayuwa a wajen jiki har kwana bakwai ko fiye, don haka rezar da ta yanki wani ta taɓa wani haɗari ce ta gaske. Makero kuma yana bin kilifa da mataji da tsumman da ake yafa wa yara, uwar da ɗanta ya taɓa kwasowa ba ta mantawa da shagon da ya samo shi. Sai dai yadda za ka faɗa shi ne abin lura. "Tsafta ita ce takenmu" ba ta ce komai ba. "Muna kashe duk ƙwayoyin cuta" kuma alkawari ne da ba ka da ikon tabbatarwa, goge kilifa da sifirit sau ɗaya bai kai nan ba. Ka rubuta aikin da mutum zai gani yana zaune a kujera: an yage takardar reza a gabansa, an goge bakin kilifa kafin a ɗora masa. Idan ka san ranar cunkoso ba za ka iya riƙe wannan ba, to kada ka rubuta. Alkawarin da aka buga a takarda aka karya ya fi wanda ba a yi ba ɓarna, domin shaidar tana aljihun mutane.

Haka batun wuta. Duk wanda aka taɓa ɗauke wa wuta an aske masa rabin kai ya san darajar wannan layin. In kana da sola, ko kilifa mai caji guda biyu da fitila mai kyau, ko janareta da kake da ƙarfin zuba wa mai, ka rubuta. In ba ka da su, cire layin, ka sa wani abin da yake gaskiya a wurinka, kamar kujerar yara ko zuwa gida a yi wa tsofaffi da marasa lafiya aski. Wannan na ƙarshen mutane kaɗan ne suke rubutawa, alhali gidaje da yawa suna da dattijon da fita take yi wa wuya, kuma wanda ya aske wa kaka kai a zaure ya samu gidan gaba ɗaya.

Abu biyu nake so ka bari a waje, ko da mai zanen ya nace. Na farko Bismillah, aya, ko duk wata jimla mai sunan Allah. Niyyar mai kyau ce, amma ka san makomar takardar talla: ƙasa, kwata, ko a naɗe ƙosai da ita. Akwai mutane da yawa da ganin haka yake sosa wa rai, kuma sunan shagonka ne a jiki. Addu'a ka yi ta da baki lokacin da kake miƙawa. Na biyu hotunan samarin waje da ake kwasowa daga intanet, masu askin da aka kwashe gefe aka bar tsakiya, ko aka zana layuka a kai. Samari za su so, amma uban da ya san hadisin Ibn Umar da ya hana ƙaza'u, wato aske wani sashe na kai a bar wani, da ya ga hoton ya gama yanke hukunci cewa ɗansa ba zai taka shagon ba. Samarin za su tambaye ka abin da ka iya da bakinsu. In dole sai an sa hoto, hoton ƙofar shagon ya fi, don yana taimakon kwatance, ko zanen kilifa da almakashi saboda wanda karatun boko bai zauna masa ba ya gane sana'ar da kallo ɗaya.

Da Hausa za ka rubuta, Hausar da kake magana da ita. Turanci a takardar unguwa yana sa wasu jin ba da su ake ba. Ka kuma lura da kalmomin girmamawa, "a zo da takarda" da "muna gayyatarku" sun fi "zo ka gani" ko "kar ka bari a ba ka labari", tunda takarda ɗaya ce za ta shiga hannun saurayi da hannun liman.

A wurin bugawa, girman A5 ya ishe ka, wato rabin takardar A4. Kowace A4 tana fitar da biyu, don haka takarda 200 za ta ba ka 400, ko rabin rim ba ta kai ba. A6 ta fi arha, huɗu ake samu, amma rubutun nan zai matse har dattijo ya kasa karantawa. Ba sai ka biya kuɗin mai launi da sheƙi ba, baƙin rubutu a kan takarda ruwan ɗorawa yana fita sarai a fotokwafi, kuma biro yana kama ta, abin da za ka bukata nan gaba. Kan maganar ya yi girman da za a karanta shi daga nesa da taku uku, sauran kuma girman harafinsa kada ya gaza lamba 12 a kwamfuta. Salon rubutu biyu ya isa. Ka sa ido a kan ƙ da ɗ da ɓ: salon rubutu da yawa na ƙawa ba su da su, sai su fito akwati ko su canza siffa a tsakiyar kalma. Yawancin masu zane a nan da CorelDRAW suke aiki, ka ce ya mayar da rubutun zane da Ctrl+Q bayan an gama gyara, kafin a kai fayil ɗin wata kwamfuta, don kada haruffan su sauya a can. A fitar maka da ɗaya tak ka karanta da ƙarfi, ka kira lambar wayar da ke jiki daga wata wayar ka ji ta shiga. Lambar mai 11 ce, a raba ta huɗu, uku, huɗu don ido ya iya kwashewa.

Yawan da za ka buga, ƙofofin gidajen da ke cikin tafiyar minti goma za su gaya maka. Ka zaga ka ƙiyasta, ka ƙara kaɗan don majalisu. Ga shago irin naka 300 zuwa 400 sun wadatar, dubu asara ce. Rabon ya kasance kwana uku ko huɗu kafin buɗewa, in ya yi nisa a manta, in ya yi kusa wasu sun riga sun yi aski. Mai unguwa da liman su ne farko, kai da kanka, da sallama da durƙuso. Daga nan majalisun bayan La'asar, ƙofar masallaci daga waje bayan an idar, da teburin mai shayi da daddare. Kada ka damƙa wa yara dami ka ce su raba, a lungu ɗaya za ka tarar da rabinsu. Ka ɗauki hoton takardar ka sa a WhatsApp, amma ka yanke tun yanzu ko nuna hoton a waya ya isa a samu rangwame, ka gaya wa yaronka, don kada ku riƙa faɗin magana biyu.

Sharaɗin "a zo da wannan takarda" yana yi maka wani aikin bayan taƙaita yawan jama'a. Kafin rabo, ka sa ƙaramar alama da biro a bayan kowace: harafi ɗaya ga na ƙofar masallaci, wani ga na majalisu, wani ga kowane layi. Duk wadda ta dawo ka jefa a kwali. Ranar Alhamis da daddare ka zube su ka ware. In na layi ɗaya ne kawai suka dawo, ka san inda za ka sake takawa da ƙafarka. In waya ta yi ta ƙara ana tambayar ina ne wurin, kwatancen ne da laifi. In ana shigowa ana tambayar nawa ne, layin farashi ya yi ƙanƙanta ko ya ɓuya. In gardama ta yi yawa a kan yaro nawa za a yi wa kyauta, kalmar "ɗaya" ba ta fito da kyau ba. In kuwa makon farko ya cika na biyu ya zama wayam, to ko dai rangwamen ya jawo masu neman arha ne kawai, ko kuma hannun ne bai gamsar ba, wannan kuwa takarda ba ta gyara shi.

Saboda mako na biyun nan, wasu suna amfani da bayan takardar. A zana akwati biyar, duk zuwa a sa hannu a ɗaya, in sun cika aski na shida kyauta ne. In za ka yi haka, maimakon ka karɓe takardar sai ka rubuta alamarta a littafi, ka soke gaban da biro, ka mayar wa mai ita. Yana aiki ga mai aski domin gashi ba ya daina tsirowa, wanda yake aski duk mako biyu cikin wata uku ya kai ga kyautarsa. Sai dai takarda mai laushi ba ta jure wata uku a aljihu, gara ka yi ɗan kati mai kauri daban ka riƙa bayarwa a shago.

Idan wata 'yar uwa mai shirin buɗe wurin kitso da lalle ta karanta wannan, ginin ɗaya ne amma layin amana ya bambanta. A wurinta abin da ya kamata ya fito ƙarara shi ne mata zalla ne, akwai labule ko a cikin gida ne, da lokacin da ake rufewa, domin da wannan ne maigida zai yarda a fita. Kitso yana cin awa ɗaya ko biyu, ba minti 20 ba, don haka rangwamenta ya zama na waɗanda suka kira suka kama lokaci, ta kuma ambaci ayyukan da sunansu, kitso, wankin kai, ƙunshi, dilka, da farashin biyu ko uku. Takardarta ba ta ƙofar masallaci ba ce, ta hannun mata za ta bi, a Islamiyyar matan aure da gidajen suna da biki.

Kai kuma ƙanena, kafin ka kai wa mai zane, ka rubuta naka da hannu a rabin takarda yadda na jera, ka ba mahaifinka ko wani dattijo a layinku ya karanta da magariba ba tare da ka yi masa bayani ba. Ka tambaye shi ina ne, yaushe ne, nawa ne. Layin da ya yi tuntuɓe a kai shi za ka sake, sannan a buga.